Me ya sa ƙwan fitila yake zama fari fat a renda?

Tambaya: Salam malam, ina koyon Blender ne, na haɗa wani shago da daddare na rataya masa ƙwai mai haske ruwan lemo. Da farko kalolin sun yi min fayau sai na mayar da View Transform zuwa Standard, to yanzu ƙwan ya koma fari fat, bangon kusa da shi kuma rawaya, in na rage Strength shagon ya yi duhu. Na fitar da PNG na kai wata manhaja na sa masa ƙyalli sai hoton gabaɗaya ya yi hazo. Ina matsalar take don Allah?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fitilarka lafiyarta ƙalau, kar ka ƙara taɓa Strength ɗin nan, matsalar tana wajen da haske yake fitowa daga lissafi zuwa sikirin.

A cikin Blender haske ba shi da iyaka ta sama, fiksel ɗaya zai iya ɗaukar 0.2 ko 5 ko 300, gwargwadon hasken da ya faɗa masa. Shi kuwa sikirin na yau da kullum daga 0 zuwa 1 kawai ya sani, wato 0 zuwa 255 ɗin da kake gani a kaloli. Standard ba ya wani sasanci tsakaninsu, duk abin da ya haura 1 sai ya datse shi ya mayar 1. Kamar mudu ne, ko buhu guda ka juye masa abin da zai riƙe mudu ɗaya ne, sauran ya zube. Kuma wurin ya fi yadda kake zato ƙanƙanta, don tsaka-tsakin haske, tokar da ake auna hoto da ita, 0.18 ne. Ninka shi ka samu 0.36, sake ninkawa 0.72, a ninki na uku ka kai 1.44, ka riga ka fita. Alhali ƙwai mai ci ya fi bangon da yake haskawa sau ɗaruruwa.

Yanzu duba abin da ya samu kalarka, nan ne ya fi muhimmanci. Kowane fiksel lamba uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowanne shi kaɗai ake datse shi. Mu ce bangon kusa da ƙwan ja 4 ne, kore 2, shuɗi 0.5, ka ga ja ya ninka kore, ruwan lemo kenan. Bayan datsewa sai ya koma 1, 1, 0.5, ja da kore sun yi kunnen doki, ja da kore daidai wa daida kuwa a haske rawaya suke bayarwa, ga inda rawayarka ta fito. Shi kuma ƙwan da kansa mu ce ko sau huɗu kawai ya fi wannan, 16, 8, 2, duka ukun sun haura, sai su koma 1, 1, 1, fari fat ba siffa ba komai. Duk inda ka ga fari a tsakiya da zoben rawaya mai kaifin baki a kewaye to datsewa ce, ko a hoton waya ka gani haka ne.

Maganin shi ne a lanƙwasa layin maimakon a yanke shi, wato a riƙa matse haske a hankali yayin da yake hawa, abin da za ka gani an rubuta Tonemapping a Unity kenan. Mafi sauƙin lissafinsa na Erik Reinhard ne da abokan aikinsa, tun 2002:

```
y = x / (1 + x)
```

Gwada da lambobinmu. Bango ya koma 0.8, 0.67, 0.33, ƙwai ya koma 0.94, 0.89, 0.67. Ba wanda ya kai 1, har yanzu ja yana gaban kore, kuma ƙwan ya fi bangon haske a ido. Illarsa dai yana matse ko'ina har tsakiya, farin 1 ya faɗo 0.5, hoto ya yi lami.

Shi ya sa aka koma kwaikwayon fim ɗin kyamara na da, wanda shi haske mai yawa ba ya ƙona shi farat ɗaya, a hankali yake cika. Layinsa kamar harafin S yake, ƙasa ya ɗan kwanta don inuwa ta yi nauyi, tsakiya ya miƙe tsaye don fuska da kaya su fito da ƙarfinsu, sama kuma ya yi doguwar kafaɗa inda ake tara duk hasken da ya yi yawa. John Hable ya yaɗa wannan a harkar gem a 2010 da layin da ya yi wa Uncharted 2, a Blender kuma Filmic ne na Troy Sobotka, daga 4.0 aka sa AgX ya zama na farko. Filmic sai haske ya kai wajen 16 kafin ya zama fari, ninki shida da rabi sama da 0.18, kwatanta da biyu da rabin Standard. AgX ya fi shi iya kala mai zafi, yana janye kalar a hankali zuwa fari ba tare da ta karkace ba, ni shi nake ba kowa shawara in akwai wuta ko fitilu masu kala a hoto.

Fayau ɗin da ya kore ka gaskiya ne, amma gyaransa yana nan ƙasa kaɗan. Koma Color Management ka mayar da AgX, a Look ka zaɓi Punchy ko Medium High Contrast, sannan in shagon ya yi duhu ka ɗaga Exposure, ƙarin 1 ninki ɗaya ne na haske.

Saura hazon. In ka kalli ƙwai da daddare za ka ga haske ya ɗan bazu a gefensa, don yana warwatsuwa a cikin ido ko gilashin kyamara, kuma ƙwaƙwalwa ta saba da cewa abin da ya yi wannan bazuwa to mai tsananin haske ne. Sikirin ba zai iya fin farinsa fari ba, sai a ari wannan alamar, a ɗebi kaɗan daga hasken wurin a dama shi a zuba a kewaye, shi ne Bloom. Amma dole a yi shi tun lambobin suna da girmansu, kafin a matse. A ce ana ɗiban kashi 5 cikin ɗari, daga 16 an samu 0.8, ƙyalli sosai, daga farar takarda mai 1 kuwa 0.05 ne, da ƙyar a gani. A PNG ɗinka ƙwai 1 ne, farin kanta 1 ne, bangon da ya ƙone shi ma janshi da korenshi 1, manhajar ba ta da yadda za ta gane waye fitila, sai ta ba kowa ƙyalli daidai, ga hazo.

Don haka ka yi shi a Compositor na Blender, can lambobin suna nan ba a taɓa su ba. Sa Glare ka zaɓi Bloom, daga 4.2 nan aka dawo da shi bayan an cire maɓallin da ke cikin Eevee, ka bar Threshold a 1 ko ka ɗaga shi har sai ƙwan kaɗai yake ƙyalli, ƙarfin kuma kaɗan ya isa, in mai kallo ya fara lura da shi to ya yi yawa. In lallai sai ka kai wata manhaja to ka fitar da OpenEXR, shi yana ajiye 16 a matsayin 16. Kuma ka tace rendar tukuna, don ɗigon fari guda ɗaya mai lamba ɗari da Cycles ya bari, Bloom zai hura shi ya zama ƙwallo, a bidiyo ya riƙa ƙyaftawa.

Standard yana da ranarsa fa. In tambarin kamfani kake yi ko rubutu da ake son kalar ta fito daidai yadda aka ba ka, ko farin bango tas, shi za ka sa, don AgX zai mayar maka da farin 1 toka-toka kuma ya sauya kalar tambarin.