Rarraba masu saye gida huɗu: misali daga Kantin Kwari

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta kasuwanci a nan Kano. An ba mu jinga mu kwatanta hanyoyi huɗu na rarraba masu saye: demogirafi, jogirafi, saikogirafi da halin saye. Na ukun da na huɗun suna rikice mini, kuma misalan littafinmu duk na ƙasar waje ne.

Amsa: Malama, ki ɗauki haja ɗaya ki bi ta da ita ta hanyoyin huɗu, kada kowace hanya ki ba ta misalinta daban. Ta haka ne mai duba takarda zai ga kwatanci, ba jerin ma'anoni ba. A gabatarwa kina iya ambaton Wendell Smith, wanda maƙalarsa ta 1956 ta yaɗa wannan tunani. Mu ɗauki mai shagon atamfa a Kantin Kwari.

Jogirafi ba ya cin lokaci, tambayarsa ita ce daga ina mai saye ya fito. Ɗan sarin da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram dila yake nema, kuma kuɗin mota da canjin sefa ne a ransa. Matar da ta shigo daga Fagge turmi ɗaya take so, yadi shida. Amfanin wannan rabo yana wajen tsara kai kaya da wurin talla, amma bai san abin da ke cikin aljihu ba, don layi ɗaya kan haɗa attajiri da mai neman na yau.

Demogirafi kuwa shekaru ne, jinsi, yawan samu, sana'a, aure da girman iyali. Shi aka fi amfani da shi saboda yana ƙirguwa. Sai dai ki rubuta cewa ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 aka yi ta, alkaluman da ake kawowa yanzu kirdado ne aka ɗora a kanta. Wannan jimla ɗaya kan jawo maki.

Yanzu ga inda kike rikicewa. A ce malaman makaranta biyu ne mata, shekarunsu ɗaya, albashinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. Hanyoyin farko biyu gida ɗaya za su zuba su. Amma ta farko duk wata sai ta leƙo shago ta ɗauki zanen da ake yayi, mai sauƙin kuɗi. Ta biyu sai Sallah ta gabato take zuwa, ta murza bakin zanen da yatsa, ta tambaya ko yana zuba, sannan ta biya kuɗin Holandis guda. Abin da suka aikata, wato yaushe suka saya, sau nawa, nawa suka kashe, ko sun riƙe shago ɗaya, shi ne halin saye. Dalilin da ya sa, wato waccan tana son a gan ta da sabon yayi, wannan kuma tana ganin mutunci a kaya mai ƙarko da ba kowa ke sa shi ba, shi ne saikogirafi. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne: in za a samu bayanin a littafin ciniki na mai shago, halin saye ne. In sai an zauna da mutum an tambaye shi ra'ayinsa da yadda yake tafiyar da rayuwarsa, saikogirafi ne. Nan kuma rauninsa yake, tattara shi na da tsada, ga shi mutane kan faɗi abin da zai burge mai tambaya.

Ki kula da wani tarko. Addini, a rabon littattafan kasuwanci, yana ƙarƙashin demogirafi. Amma cinikin Sallah, haɗa lefe da fitar da anko duk halin saye ne, domin lokaci ko sha'ani ne ya kawo mutum kasuwa. Ɗalibai da yawa na tura su saikogirafi don kawai sun ga al'ada a ciki.

A ganina, ga mai shago irin wannan halin saye ya fi biya, tunda bayanin yana hannunsa kyauta. In ya lura masu anko kan ɗauki turmi talatin ko hamsin iri ɗaya a tashi guda, ya san abin yi: ya ajiye zane ɗaya da yawa, ya yi ragi ga mai ɗaukar da yawa, ya riƙe lambar ƙawar amarya mai tara kuɗin. Aibinsa shi ne abin da ya wuce kawai yake nunawa, kuma bai san komai game da wadda ba ta taɓa shiga shagon ba.

Kafin ki rufe jingar, ki auna rukunin da kika zaɓa da tambayoyin nan: yana ƙirguwa, ana iya isa gare shi, yana da girman da zai kawo riba, kuma mai shagon na da ƙarfin yi masa wani abu na daban? Masu anko sun tsallake duka. “Mata masu son ado” kuwa sun faɗi tun a ta farko.