Me ya sa mawaƙi ke magana da kufai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna karatun waƙar Antara, sai na ga yana roƙon gidan Abla da ya yi magana, har yana gaishe shi da kwana. Mai hankali zai yi hira da kango? Mene ne sunan wannan salo, kuma me yake nunawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaman balaga suna kawo wannan a babin nida'i, wato kira. Asalin kira shi ne a nemi mutum ya juyo ya saurara. Idan aka kira wanda ba ya nan, ko mamaci, ko abin da ba shi da kunne kamar dare ko gida, to kiran ya bar aikinsa na asali ya koma nuna takaici, ko jimami, ko bege. Kada ki haɗa shi da mutuntarwa. In na ce "dare ya rungume gari", na mutuntar da dare amma ban yi masa magana ba. Sai na ce "kai dare, ka waye mana" sannan na shiga wannan salo.

Mu bi waƙar a hankali. Antara ɗan Shaddad, mawaƙin Larabawa na ƙabilar Abs, ya rayu a ƙarni na 6, kuma Abla 'yar baffansa ce. Ya iso wurin da mutanenta suka taɓa yada zango, ya tarar sun tashi. A baitin farko da kansa yake magana: shin ka gane gidan bayan ka yi ta kokwanto? Daga nan ya juya ga gidan: ya gidan Abla da ke Jiwa'i, yi magana, barka da asuba gidan Abla, ka zauna lafiya. Sai ya ce ya tsayar da taguwarsa a wurin don ya biya bukatar mai jinkirin tafiya.

Lura da abin da ya roƙa. Ya ce gida ya yi magana, alhali ya fi kowa sanin ba za a amsa ba. Wannan umarni ne da aka san ba zai cika ba, kuma a nan begen yake fitowa: maganar da ya tanadar wa Abla ta cika masa ciki, ba ta da masauki, sai ya sauke ta a kan abin da ya fi kusa da ita. Gaisuwar kwanan ma tata ce. Ba wanda ke yi wa toka da murhu fatan wayewar gari lafiya don kansu. Addu'ar da zai yi wa mai gida ce ya yi wa gidan, domin gida ne ya rage.

Wurin da ya fi taɓa ni yana gaba kaɗan. Ya ce Abla ta sauka a ƙasar maƙiya, sai neman ki ya yi mini wuya, 'yar Makhram. A baiti guda ya tashi daga "ta" ya faɗa "ki". Wannan juyi shi ake kira iltifati. Yana cikin ba mu labarinta a matsayin wadda ta yi nisa, sai ya manta da mu masu sauraro, ya fuskance ta kamar tana tsaye a gabansa. Kuma dubi inda hakan ya faru: daidai lokacin da yake faɗin cewa ba ta kaiwuwa. Nisan da ya ƙaru a ƙasa shi ya jawo ta kusa a bakinsa. Don haka duk waƙar bege da kike nazari, ki ɗauki fensir ki ja layi a ƙarƙashin wakilan suna, ki ga inda "ita" ta koma "ke".

Wanda aka zaɓa a kira shi ma yana da labari. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa, da take makokin ɗan'uwanta Sakhr, idanunta ta kira, ta ce su zubo da hawaye kada su ƙafe. Antara yana da sauran tsammani, shi ya sa ya nufi wuri, yana neman labari. Khansa'u kuwa ba inda za ta je ta sami Sakhr, sai ta koma kan jikinta. Ko a gidan rasuwa a nan ƙasar Hausa kin sha jin "wayyo Inna, wa kika bar mu da shi?" Tambayar ba ta jiran amsa, bakin ne bai yarda da rabuwar ba tukuna.

Sai dai ba kowane "ya" ne ke shiga nan ba. Addu'a ba ta ciki, domin mai roƙon Allah ya sakankance ana jin sa. Wasiƙa ma ba ta ciki, tunda za ta isa hannun mai ita. Ma'aunin shi ne ki tambayi kanki: mai maganar yana sa ran a ji shi? In ya san ba za a ji ba amma ya kira, to ki rubuta a nazarinki wa ya kira, me ya roƙa, da kuma a wane baiti ya juya daga masu sauraro zuwa ga wanda ba ya nan.