Yadda za a ƙi tayin mai talla ba tare da an rufe ƙofa ba

Tambaya: "Wakilin wani kamfani ya dame ni da waya kan in sayi manhajar lissafinsu. Ba ma bukata yanzu, amma wataƙila baɗi. Yaya zan ce masa a'a?"

Malam, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "bari in yi tunani". Mai talla yakan rubuta wannan a matsayin ciniki mai rai, sai ya sa ka cikin waɗanda zai kira mako mai zuwa. Gara ka rubuta masa gajeren saƙo, misali: "Na gode da bayanin da ka yi mana. Mun duba, ba za mu saya a bana ba, domin yarjejeniyarmu da wani kamfanin ba ta ƙare ba. Ka tuntuɓe ni bayan wata 9, lokacin za mu sake dubawa."

Dalili ɗaya kawai za ka bayar, kuma ya zama na gaskiya. In ka ce tsada alhali ba ita ce matsalar ba, zai dawo da ragi, ka rasa abin faɗa. In ka jero dalilai uku, zai warware su ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da ba ya hannunsa, kamar kasafin kuɗin da aka riga aka rufe, shi ne ke kashe magana.

Kada ka karɓi gwajin kyauta don kunya, domin wani gwajin yakan koma biya da kansa in ba a soke ba. In ya sake kira kafin wa'adin, ka ce "maganarmu tana nan yadda na rubuta", kada ka ƙara sabon bayani. Wa'adin kuwa ka sa shi kamar wata 3 kafin ƙarewar yarjejeniyarku, don ka samu damar kwatanta farashi.