Mayar da rauta saitin kamfani: yaushe ya dace, kuma yaya ake dawo da PPPoE?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, kuma intanet ɗina na faiba ne. Kwanan nan ya riƙa yankewa, sai yaron shagona ya ce mu danna ɗan ramin nan na Reset da ke bayan rauta. Tun daga lokacin waya tana kama waifai amma babu intanet, kuma shafin rautar yana neman wani Username da Password na PPPoE da ban san su ba. Mun lalata ta ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rautarka ba ta lalace ba, mantuwa kawai aka sa ta yi, kuma abin da ta manta yana nan a ajiye a wurin kamfanin da ke ba ka intanet.

Kashe rauta a sake kunna ta daban, danna Reset daban. Na farkon ba ya goge komai. Na biyun, wato riƙe maɓallin cikin ramin da tsinke na kimanin daƙiƙa 10 yayin da rautar ke kunne, yana share duk abin da aka shigar mata tun ranar da aka fito da ita daga kwali. Sunan waifai da kalmar sirrinsa suna komawa waɗanda aka buga a takardar da ke manne a ƙasan rautar, kalmar sirrin shiga shafin saiti ma tana gogewa, haka nan duk adireshin da aka keɓe wa firinta ko kyamarar tsaro. Mafi muhimmanci, bayanan da rautar ke gabatarwa ga kamfanin intanet suna tafiya. Kuɗin da ka biya na wata ba ya taɓuwa, domin lissafinsa yana wurin kamfani, kuma manhajar da ke tafiyar da rautar tana zama a sigar da take, ba ta komawa tsohuwa.

A ganina dalilan da suka isa a yi wannan aiki ba su da yawa. Ana yin sa idan an manta kalmar sirrin shiga shafin saiti kuma babu wata hanyar dawo da ita, ko an sayi rauta ta hannu, ko za a sayar da ita ga wani, ko an ga alamar wani ya shiga ya sauya saituna, misali adireshin DNS, wato na'urar da ke nemo wa rauta adireshin shafukan intanet, da ba kai ka sa ba. Yankewar intanet jefi-jefi ba ta cikin wannan sahu, domin galibi tushenta yana wajen rautar. Akan samu akwati na biyu da wayar faiba ke shiga cikinsa, wanda ake kira ONT, kuma idan fitilar LOS da ke jikinsa ta yi ja, hasken da ke bin wayar ne bai iso ba, ko an lanƙwasa ta ko ta tsinke a hanya. Ko sau nawa aka danna Reset ba zai gyara wannan ba. Shi kansa akwatin ONT ina ba da shawarar kada a taɓa ramin da ke bayansa sai da umarnin kamfani, tunda a wasu layukan saitunan da ke cikinsa ma'aikatansu ne kaɗai ke iya mayarwa.

PPPoE hanya ce da kamfani ke bi ya tantance mai layi kafin ya buɗe masa intanet. Duk lokacin da rauta ta kunnu, tana aika suna da kalmar sirri zuwa na'urar kamfani, idan suka dace sai a ba ta adireshi. Waɗannan bayanai biyu ba su ne na waifai ba, ba kuma su ne na shiga shafin rautar ba, kuma a nan ne mutane suka fi rikicewa, su yi ta shigar da kalmar sirrin waifai a gurbin da ba nata ba. Ka fara duba takardar da aka ba ka ranar da aka ja maka layi, da saƙon tes ko imel na wancan lokacin. Idan babu, ka kira sashen kula da masu hulɗa na kamfanin da lambar asusunka a hannu, ka nemi a turo maka su a rubuce maimakon a karanta maka ta waya, domin ƙaramin harafi da babba ba ɗaya ba ne a nan, kuma sifili da harafin O suna yaudarar ido. A kiran nan ka tambaye su abu biyu: ko layinka yana buƙatar lambar VLAN ID, wato lambar da ke ware hanyar intanet a kan layin kamfani, da kuma ko sun ɗaure asusunka da adireshin MAC, wato lambar shaida, na wata na'ura.

Idan bayanan sun zo, ka tabbatar kebul ɗin da ya fito daga ONT yana cikin ramin rautar mai suna WAN, ba ɗaya daga cikin na LAN ba. Ka haɗa kwamfuta da rautar, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke kan takardar ƙasanta, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Za ta nemi ka shiga da bayanan asali ko ka ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri, kuma wannan karon ka rubuta ta a littafin shago. Daga nan ka je sashen Internet ko WAN, inda mai yiwuwa ka tarar an zaɓi Dynamic IP, wanda shi ne saitin da yawancin rautoci ke komawa, kuma shi ya sa waya ke kama waifai ba tare da intanet ba. Ka sauya shi zuwa PPPoE, ka shigar da suna cikakke yadda aka ba ka, har da alamar @ da abin da ke biye da ita idan akwai, sannan kalmar sirri, ka danna Save. Gurbin MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da ake aikawa lokaci guda, ka bar shi yadda yake, kada dai ya wuce 1492, domin PPPoE yana cin bayit 8 daga cikin 1500 na kebul. Cikin minti ɗaya ko biyu shafin Status ya kamata ya nuna Connected, da adireshin da ba 0.0.0.0 ba.

Idan bai haɗu ba, sashen System Log zai faɗa maka inda matsalar take. Saƙo irin su authentication failed yana nufin rautar ta isa ga kamfani amma an ƙi sunan ko kalmar sirrin, sai ka sake rubuta su a hankali, ka kula kada kwafi ya ɗauko sarari a ƙarshe. Wani lokaci na'urar kamfani tana riƙe da tsohon haɗin, don haka ka kashe rautar na 'yan mintuna kafin ka sake gwadawa. Saƙon da ya ambaci PADO da timeout kuwa yana nufin rautar ta yi kira babu wanda ya amsa, kalmar sirri ba ta ma shigo cikin maganar ba tukuna, sai a koma kan kebul, da fitilun ONT, da lambar VLAN da ta goge.

Da intanet ya dawo, ka mayar wa waifai tsohon sunansa da tsohuwar kalmar sirrinsa harafi da harafi, sai wayoyi da firinta su haɗu da kansu ba tare da ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Idan kwamfuta ta daina ganin firinta, mai yiwuwa adireshin firintar ne ya sauya, sai ka sake keɓe mata tsohon a sashen Address Reservation. Sannan ka nemi Backup & Restore, a rautocin TP-Link yana ƙarƙashin System Tools ko System, ka sauke fayil ɗin saiti ka adana a filas. Da shi za ka mayar da komai a dannawa ɗaya a kan wannan samfurin rautar, amma kada ka tura wa kowa, domin kalmomin sirrinka duka suna ciki. Yankewar da ta jawo duk wannan kuma tana iya dawowa, don haka idan ta sake faruwa ka dubi fitilun ONT a daidai lokacin, ka rubuta sa'ar da launin fitilar, ka kai wa kamfanin rahoto da su.