Takardar neman ragin haya

"Kawu, wata huɗu ke nan aikin hanya ya toshe ƙofar shagona, ciniki ya mutu. Ina so in tura wa Alhaji mai shagon saƙo ta waya ya rage mini haya. A al'adarmu hakan rashin kunya ne?"

Ɗana, na yi murmushi da na karanta tambayarka, amma kalmar waya ta dame ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce takarda ba ta iya durƙusawa, saboda haka ba a aika ta ita kaɗai wurin babba.

Ina saurayi ina sayar da atamfa a Aboabo, nan Kumasi, aka haƙa babbar kwata a gaban shagona aka bar ta a buɗe har damina ta sauka. Na shimfiɗa katako biyu a kanta, amma mace mai goyo ba za ta taka katako mai santsi don atamfa ba. Sai in ga tsofaffin masu cinikina sun ɗaga mini hannu daga tsallake sun wuce zuwa kasuwar Kejetia. Jar ƙura kuma ta shiga ninkin kayan, kullum sai na kakkaɓe su sau uku. Na fusata zan je in yi wa mai shagon magana, mahaifinmu ya zaunar da ni, ya ce mutumin bai haƙa ramin ba, kuma shi ma da hayar yake ciyar da iyalinsa. Ya sa na ɗauko littafin ciniki, muka fitar da abin da na sayar wata uku kafin aikin da wata uku bayansa, muka ga bai kai rabi ba. Wannan lissafin muka sa a takardar bayan sallama da gaisuwa, muka roƙi ragin kashi ɗaya cikin uku, muka rubuta cewa ranar da aka rufe kwatar haya za ta koma yadda take. Bayan la'asar muka tafi tare da limamin unguwa, da goro a hannu. Alhajin ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin shekarar da na biya ya riga ya shiga gini, amma ya ƙara mini wata uku kyauta. Liman ya sa hannu a matsayin shaida.

Kai ma na san adibas na shekara biyu ka biya, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta ƙayyade. Kada ka ambaci dokar ko ofishin kula da haya a takardar farko, domin ’yan yanzu kuna saurin kai ƙara kafin ku kai gaisuwa. Kuɗin da ya shiga hannu yana da wuyar dawowa, don haka ƙarin watanni za ka roƙa: idan sidi 600 kake biya a wata, ragin 200 na wata shida ya zama wata biyu a ƙarshen wa'adinka. Ka kawo littafin cinikinka ranar Juma'a mu duba tare, sannan mu nemi wanda Alhaji yake jin nauyinsa.