Yadda Za A Zuba Kayan Ɗaki A Hoto Ba Tare Da An Taɓa Bango Da Taga Ba

Tambaya: Ina da hoton falo wanda na zana a kwamfuta, babu komai a ciki. Ina so in sa kujeru da kafet irin salon Sikandinebiya, amma duk sanda na gwada da manhajar AI mai zana hoto ta Stable Diffusion sai taga ta canza siffa, fentin bango ma ya sauya. Yaya zan yi?

Amsa: Rubuta wa manhajar cewa kada ta taɓa bango ba zai hana ta ba. Muddin ka miƙa mata hoton gaba ɗaya, sake zana shi za ta yi daga sama har ƙasa. Maganin shi ne ka killace mata wurin aiki da `Inpaint`: ka shafe inda kaya za su zauna kaɗai da burushin manhajar, ka bar sauran.

A wurin shafewar nan ake yawan kuskure. Mu ce falon mita 4 ne da 5, taga tana hagu, doguwar kujera za ta jingina da bangon da ke fuskantarka. Shafe daɓen da kafet zai rufe, sannan ka hau bangon kamar santimita 90, domin bayan kujerar zai tare wannan wurin. Ka ƙara fili ta dama, tunda haske daga hagu yake shigowa, inuwa can za ta faɗa. Idan ka matse, inuwar za ta yanke, kujerar ta zama kamar an liƙa ta da gam. Gefen taga kuwa ko kusa kada burushinka ya je.

Kunna ControlNet, ƙarin da ke sa manhajar ta bi tsarin hoton asali, ka zaɓi `MLSD`, wanda ke riƙe miƙaƙƙun layuka, don kusurwar bango da daɓe ta tsaya inda take. Amma kada ka ba shi ƙarfi sosai, in ba haka ba zai nace ɗakin ya zauna wayam. `Denoising strength` kuma, wato ma'aunin yawan canjin da manhajar za ta yi, sai ka ɗaga shi sosai, domin wuri ne da babu komai kake son a cika.

Ni ba na dogara da sunan salo shi kaɗai, don yakan jawo farin bango da manyan tagogi. Gara ka faɗi kayan: katako mai haske, yadi ruwan toka, kafet na ulu mara ado. Kafet ka fara sawa, kujeru su biyo baya, ƙafafunsu na gaba a kansa. Duba gefunan kafet ɗin da kyau: in ba su bi layin bango ba, zai yi kamar yana shawagi. Wajen girma, auna da ƙofa, wadda tsayinta kusan mita 2 ne. Tsayin mazaunin kujera bai kai rubu'in tsayinta ba, kamar santimita 45.

Daga ƙarshe buɗe GIMP ko Photoshop, ɗora sabon hoton a kan na asali, ka zaɓi `Difference`. Duk inda bai canza ba baƙi ƙirin zai fito. In ka ga ɗan haske a jikin taga ko saman bango, goge wurin daga sabon hoton, na asali ya bayyana ta ƙasa.