Yadda ake sanya wa hoto kayan sanyi ba tare da fuska ta canza ba

Tambaya: Malam, ina da hoto da na ɗauka da 'yar riga mai gajeren hannu, ina so ya koma kamar na saka suwaita da kwat da gyalen wuya da safar hannu. Na gwada a wata manhaja, sai fuskata ta canza, yatsuna kuma suka zama shida. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, aikin ne ka ɗora wa manhajar gaba ɗaya. Idan ka miƙa mata hoton sukutum, sake zana shi take yi har da fuskar. Sai ka nemi wadda ke ba ka damar shafa inda kake so kaɗai ta taɓa: Generative Fill a Photoshop, wanda ya fito a 2023, ko a waya AI Replace na Picsart da Magic Edit na Canva.

Ka bi tsarin da mutum ke saka kaya. Fara da suwaita: shafa ƙirji da hannuwa zuwa wuyan hannu, ka bar fuska da tafin hannu, ka rubuta:

```
grey wool sweater
```

Photoshop zai ba ka samfuri 3, ka zaɓi wanda ya zauna. Daga nan sai kwat, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki. Kwat tana da kauri, tana ƙara wa kafaɗa faɗi. Idan ka shafa daidai iyakar jikinka, babu wurin da za ta zauna, sai ta fito a manne kamar fenti. Don haka ka wuce layin kafaɗa da damatsa kaɗan, ka bar tsakiyar ƙirji domin suwaitar ta leƙo:

```
open brown wool overcoat
```

Gyalen wuya kuwa ka tsaya ƙarƙashin haɓa, kada ka taɓa gemu, sannan ka duba ko ya jefa 'yar inuwa a kan kwat ɗin. In babu inuwa, sake gwadawa.

Safar hannu ce ta ƙarshe, ita ce kuma mai gardama. Yi hannu ɗaya ɗaya, ka zuƙo hoton ka ƙirga yatsun. Ni dai idan hannun na riƙe da waya ko makulli, gara in sa shi cikin aljihun kwat.

Saura haske. Mai kwat a tsakiyar ranar Afrilu, goshi na ƙyalli da gumi, kowa zai gane haɗi ne. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed, ka rage Warmth da Highlights kaɗan.

Irin wannan hoto ba na fasfo ko biza ba ne, kuma in na wani ne, sai ka nemi izininsa tukuna.